Sanarwar Ranar Ziyarar Iyaye da Ɗaukar Sababbin Yara, Shekarar Karatu ta 2026/2027

Assalamu alaikum, iyaye da masu riƙon yara.

Hukumar makarantarmu ta nazare da ke unguwar Rijiyar Zaki a Kano tana gayyatarku ranar ziyara ta bana, wadda za a yi ranar Asabar, 11 ga Yuli, 2026, daga ƙarfe 9:00 na safe zuwa 1:00 na rana, in sha Allah. A ranar ne kuma za a fara sayar da fom na ɗaukar sababbin yara. Shiga kyauta ne, ba sai da katin gayyata ba. Muna roƙo dai a zo da yaron da ake so a sa, domin shi ne zai zauna a ajin, kuma ya kamata ya ga wurin da idonsa kafin ranar da za a tafi a bar shi.

Mun sa ranar tun kafin a tafi dogon hutu don ku tarar da makarantar a yadda take kullum. Yaranmu na Nazare 2 da na ajin share fage za su zo tare da malamansu su yi karatu kamar ranar Litinin. Ba mu yi sabon fenti saboda baƙi ba. Ku shiga azuzuwa, ku leƙa bandaki, ku buɗe famfo ku ga ko akwai ruwa, ku duba ɗakin da ƙanana ke barcin rana da gidajen sauron da ke ciki. Abin da bai kwanta muku ba, ku tambaya a nan take.

Da ƙarfe 9:30 za a fara zagayawa da iyaye rukuni-rukuni. Ƙarfe 11:00 yara za su yi waƙoƙi da karatun gajerun surori, sannan Shugabar Makaranta ta zauna da iyaye a amsa tambayoyi har zuwa 12:30. Za a tashi kafin Azahar. Akwai zoɓo da cincin, kuma ko an yi ruwan sama ba za a ɗage ba, za mu koma zaure.

Azuzuwan da ke da gurbi

Ana lissafa shekarun yaro ne zuwa ranar 30 ga Satumba, 2026. Ajin reno na 'yan shekara 2 ne, gurbi 12. Nazare 1 na 'yan shekara 3, gurbi 18. Nazare 2 na 'yan shekara 4, saura gurbi 7. Ajin share fagen firamare na 'yan shekara 5 ne, kuma gurbi 4 kawai suka rage, don yawancin kujerun na yaranmu ne da za su hau daga ƙasa. Ba ma wuce yara 18 a aji. Kowane aji yana da malama da mai reno, ajin reno kuwa masu reno biyu ne, saboda canza kunzugu da koyar da zama a fo ba aikin mutum ɗaya ba ne.

Duk shekara akan samu iyayen da ke cewa, "Malama, yarinyar nan tana da kai, a tsallakar da ita." Muna jin daɗin jin haka, amma ba ma tsallakarwa. Shekara 6 ita ce shekarar shiga firamare, kuma yaron da aka tura gaba da wuri yakan iya karatun ya kasa zaman ajin. A yi mana haƙuri a kan wannan tun yanzu.

Yadda muke koyarwa

Gara mu faɗa muku tun kafin ku sayi fom: ɗan shekara 2 ba zai dawo gida da littafi cike da rubutu ba, kuma ba ma ba shi aikin gida. Yatsunsa ba su yi ƙwarin riƙe fensir ba tukuna. Abin da za ku gani shi ne yaro yana murza yumɓu, yana zura wuri a zare, yana tsince wake daga cikin masara da yatsu biyu, yana zana baƙi a tiren yashi ya goge ya sake. Da waɗannan hannu ke ƙwari, sai rubutun ya zo ba kuka. A Nazare 1 ake fara sautin haruffa da ƙirga zuwa 20 da murafan kwalba, a Nazare 2 a fara haɗa baƙi da wasali. Kafin yaro ya gama ajin share fage muna sa ran ya karanta gajerun jimloli da Hausa da Turanci, ya rubuta sunansa.

Da Hausa muke karɓar yaro, Turanci na shigowa a hankali ta waƙa da labari da gaisuwa. Ba a hukunta kowa don ya yi Hausa a aji. Kowace Alhamis akwai tatsuniya da kacici-kacici, kuma Gizo da Ƙoƙi sun fi kowace malama farin jini a gidan nan. Kullum da safe ana karanta addu'o'i da baƙaƙen Larabci, ana koya wa yara sallama, da cin abinci da dama, da wanke hannu da sabulu bayan an fito daga bandaki. Yaran da ba Musulmi ba muna maraba da su, ana ba su wani aikin a lokacin. Bulala babu ita a makarantar nan, kuma duk ma'aikacin da muka ɗauka ya sa hannu a kan haka.

Ana buɗe ƙofa 7:30, a fara karatu 8:00, a tashi 12:30. Juma'a 11:30 ake tashi. Iyaye ma'aikata za su iya barin yara har ƙarfe 4:00 daga Litinin zuwa Alhamis, da ƙarin kuɗi. Ba ma miƙa yaro ga kowa sai wanda sunansa da hotonsa ke cikin fom, ko da kawu ne, ko ɗan adaidaitan da ya saba kawo shi. Idan za a turo wani, uwa ko uba su sanar da ofis tun da safe.

Abin da za a kawo

Kwafin takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da katin rigakafi, da hoton fasfo 2 na yaro, da ɗaya-ɗaya na duk masu ɗaukarsa. A katin muna duba allurar BCG, da Penta guda 3, da ta ƙyanda da shawara ta wata 9. Wanda katinsa ya ɓata ko bai cika ba, ba za mu mayar da shi ba, amma sai an je asibitin sha-ka-tafi an cike kafin a koma makaranta. Idan yaro yana da sikila, ko asma, ko farfaɗiya, ko akwai abincin da jikinsa ba ya so, don Allah a rubuta a fom. Ba ya hana ɗauka, kuma daga Shugaba sai malamar ajin ne za su sani.

Babu jarrabawar shiga. Malama za ta zauna da yaro kamar minti 15 su yi wasa, mahaifiyarsa tana gefe. In ya yi kuka ko ya ƙi magana, ba komai, mun saba.

Kuɗi

Fom ₦5,000 ne. Kuɗin zango ₦65,000 ga ajin reno, ₦58,000 ga sauran azuzuwa, har da littattafai da kayan aikin hannu. Yunifom kala 2 da rigar wasanni ₦18,000. Zaman yamma ₦15,000 a wata. Ana iya biyan kuɗin zango kashi 2, ƙani ko ƙanwar yaron da ke makarantar kuma ana rage masa kashi 10 cikin 100. Mun ware gurbi 3 ga marayu a rabin kuɗi, sai a ga Shugaba a keɓe. Ba mu da kuɗin walimar yaye ɗalibai, ba kuma za a aiko muku da wata takardar kuɗi a tsakiyar zango ba. A banki ake biya, lambar asusun tana jikin fom. Kada a ba wani ma'aikaci kuɗi a hannu.

Za a rufe karɓar fom ranar Juma'a, 14 ga Agusta, ko duk ranar da gurabe suka cika, kuma wanda ya riga mayarwa shi ake fara dubawa. Za a fara karatu a watan Satumba, a ranar da Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Kano ta tsayar. A makon farko sababbin yara ƙarfe 10:30 za su riƙa tashi, har su saba.

In an biyo titin Gwarzo daga cikin gari, a sauka a Rijiyar Zaki a shiga layin da ke bayan masallacin Juma'a, gini ne mai koren ƙyaure da lilo a tsakar gida. Wanda bai samu zuwa ranar Asabar ba, ofis na buɗe Litinin zuwa Alhamis, daga 9:00 zuwa 1:00, har cikin hutu.

Allah Ya raya mana su, Ya yi musu albarka.

Shugabar Makaranta,
a madadin Hukumar Gudanarwa