Darasin bita: bim ɗin kantiliba da aka kafe a bango, yadda ake nemo ƙarfin tokara da momen

'Yan uwa 'yan aji biyu, ga bayanin da na yi muku alkawari ranar Asabar da muka zauna bita a Samaru. Na duba takardun gwajin da kuka ba ni, mutum goma sha ɗaya daga cikin ashirin sun samu ƙarfin tokara daidai, sai suka ajiye biro suka manta da momen. Wato rabin maki ya tafi a banza. Shi ya sa zan fi tsayawa a kansa.

Kantiliba dai kun san shi ko da ba a aji ba. Barandar benayen da ke Sabon Gari, wadda ta fito waje babu ginshiƙi a ƙarƙashinta, ita ce. Indararon da ya leƙo daga soron ƙasa a cikin birnin Zazzau ma haka yake: kai ɗaya a cikin bango, ɗayan a iska. To, bango shi kaɗai ke riƙe da komai, kuma aiki biyu yake yi a lokaci guda. Yana hana bim ɗin faɗowa ƙasa, yana kuma hana shi juyawa. In kana son ka ji wannan a jikinka, riƙe sanda ta kai ɗaya ka miƙe ta, wani ya rataya maka buta cike da ruwa kusa da hannunka. Ba komai. Ya matsar da ita can ƙarshen sandar. Nauyin butar bai ƙaru ba, amma wuyan hannunka zai fara rawa. Abin da wuyan hannun ke fama da shi, shi ne momen.

Tambayar

Bim AB mai tsawon mita 2.4 an kafe shi a bango a A, ta hagu. B yana dama, babu abin da ya tokare shi. Akwai nauyi shimfiɗe bai ɗaya a kan dukan tsawonsa, w = 5 kN/m (nauyin bim ɗin kansa yana ciki). Akwai kuma nauyi na wuri ɗaya, P = 8 kN, yana danna ƙasa a nisan mita 2.0 daga bango. Nemo abin da bango yake mayarwa a A.

Warwarewa

Kafin ka taɓa kalkuleta, yi zane. Cire bangon daga hoton, ka sa kibiyoyi a madadinsa. Kafaffen kai yana ba da abu uku: Ax a kwance, Ay a tsaye, da momen MA. Na ɗauki Ay yana kallon sama, MA kuma yana juyi saɓanin hannun agogo. Zato ne kawai. In amsa ta fito da alamar ragi, kibiyar ce ke kallon ɗaya ɓangaren, ba wani abin tashin hankali ba ne. Abubuwan da ba mu sani ba uku ne, ƙa'idojin daidaito ma uku, saboda haka lissafin zai fita ba tare da wata dabara ba.

Na kwance ba ya cin lokaci. Babu abin da ke tura bim ɗin gefe:

ΣFx = 0 → Ax = 0

Amma ku rubuta shi. Layi ɗaya ne, kuma akwai maki a kansa.

Sai shimfiɗaɗɗen nauyin nan. A dunƙule shi ya zama guda ɗaya:

W = 5 × 2.4 = 12 kN

Tunda bai ɗaya yake, dunƙulen yana zama a tsakiya, mita 1.2 daga A. Yanzu na tsaye:

ΣFy = 0 → Ay − 12 − 8 = 0

Ay = 20 kN, yana kallon sama.

A nan ne da yawanku suka tsaya. Ku dubi zanen da kyau: 20 na tura sama a A, 20 na danna ƙasa can nesa da A. Sun yi daidai a nauyi, amma ba a layi ɗaya suke ba, don haka da babu wani abu, bim ɗin zai juya ya rufto. Dole bango ya ba da momen da zai kashe wannan juyin.

Mu ɗauki momen a A, domin Ax da Ay duk ta nan suka ratsa, nisansu sifili ne, sai su fice daga lissafin. Juyi saɓanin hannun agogo shi ne na ƙari. Nauyin biyu suna dama da A suna danna ƙasa, wato suna bin hannun agogo, sai su ɗauki alamar ragi:

ΣMA = 0 → MA − (12 × 1.2) − (8 × 2.0) = 0

MA = 14.4 + 16 = 30.4 kN·m, saɓanin hannun agogo.

Kuskuren da na fi gani a nan shi ne ninka 12 da 2.4, kamar an kwashe dukan nauyin an tara a ƙarshen bim. Wannan zai ba ka 28.8 a inda ya kamata ka samu 14.4. Masu haddar wL²/2 su gwada: 5 × 5.76 ÷ 2 = 14.4, abu ɗaya ne. Ni dai ban cika son hadda ba, domin ranar da aka shimfiɗa nauyin a rabin bim kaɗai, haddar za ta kai ka ta baro. Wani kuma ya rubuta min 30.4 kN. Momen ƙarfi ne sau nisa, dole mita ta biyo baya.

Tabbatarwa

In da sauran lokaci, sake ɗaukar momen a B. Ay yana mita 2.4 daga B, W yana 1.2, P yana 0.4:

30.4 − (20 × 2.4) + (12 × 1.2) + (8 × 0.4) = 30.4 − 48 + 14.4 + 3.2 = 0

Ya rufe, amsar ta zauna.

Yanzu ku matsar da P zuwa B ku ga abin da zai faru. Ay yana nan a 20 kN, ko gezau. MA kuwa ya tashi zuwa 14.4 + 19.2 = 33.6 kN·m. Butar nan ce a ƙarshen sanda.

Wani abu da ba a tambaya ba amma za ku gamu da shi a wurin gini: momen ɗin nan a jikin bango ya fi girma, daga nan yana raguwa har ya zama sifili a B. Kuma saman bim ɗin ne ake ja, ƙasansa ake matsewa. Kankare yana da juriyar matsi amma ta ja kaɗan ce, shi ya sa manyan rodin kantiliba a sama suke zama. Lokacin da nake sanin makamar aiki na ga leburori suna tattaka rodin baranda da takalmi yayin zuba kankare, har ya kwanta a kan katakon ƙasa. Injiniya ya sa aka dakata, aka ɗago shi aka tokare, sannan aka ci gaba.

Aikin gida

Bim mai tsawon mita 1.8 an kafe shi a bango, nauyin kansa 3 kN/m. An ɗora tankin ruwa mai lita 500 cike taf, tsakiyarsa a mita 1.5 daga bango. Kada a lissafa nauyin robar tankin. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, g = 9.81 m/s². Nemo ƙarfin tokara da momen a bango. Ya kamata ku samu kusan 10.3 kN da 12.2 kN·m. Ku zo da zanenku ranar Asabar bayan la'asar, wanda bai yi zane ba ba zan duba lissafinsa ba.