Tsarin bincike kan kwangilar masaukin alhazai a Misfala

Daga: Wakilinmu na Jidda
Zuwa ga: Editan sashen bincike, Kano
Kwafi: Lauyar jarida
14 ga Yuli, 2025

Malam, barka da aiki. Ga tsarin da ka nema. Da gangan ban sa sunan kowa ba, domin takarda irin wannan ƙafa gare ta. Zan ce "Hukumar" ga hukumar alhazai ta jihar, "Mai Gida" ga kamfanin Saudiyya mai masaukin, "Dillali" ga kamfanin gida da ya shiga tsakani.

Abin da muke zargi shi ne an biya kuɗin gado 1,800 a Makka a Hajjin bana, kan riyal 3,500 kowane gado, wato riyal 6,300,000 har da haraji, alhali tasrihin ginin, takardar izinin saukar da alhazai, gado 1,150 ya nuna. Ratar gado 650 ce, riyal 2,275,000. Zargi ne kawai a yau, kuma ina roƙon kada kalmar "zamba" ta fito daga bakin kowa a ofis, ko da wasa.

Takardu uku ne a hannuna, duka hotuna ne da majiyata ta turo ta WhatsApp: kwangilar mai shafi 6, tasrihin, da daftarin kuɗin Mai Gida. Daftarin ne ya hana ni barci. Tun 4 ga Disamba, 2021 hukumar zakka da haraji ta nan, ZATCA, ta wajabta fitar da daftari ta na'ura, kuma alamar QR da ke jikinsa tana ɗauke da sunan mai sayarwa, lambarsa ta haraji, lokacin fitarwa, jimillar kuɗi da harajin kashi 15 cikin 100. A fuskar takardar an buga 6,300,000. Da na haska alamar da manhajar ZATCA, sai 4,025,000 ya fito. Ka ninka 1,150 da 3,500 ka gani.

Na san abin da ranka ya raya maka, nima shi ya raya mini. Amma ga inda nake jan birki. Mai yiwuwa akwai gini na biyu a Aziziyya ko Jarwal da ya ɗauki ragowar 650, da nasa daftarin. Mai yiwuwa alamar ta biyan kashin farko ce aka haɗa da shafin ƙarshe. Mai yiwuwa kuma, wannan ne ya fi tsorata ni, wani ne ya ƙera takardar don mu ɗauka mu yi ta yayatawa. Majiyata tsohon ma'aikacin Dillali ne, kuma bai ɓoye mini cewa ba su rabu lafiya ba, har yana bin su kamasho. Mai jin haushi yana iya faɗin gaskiya, amma ba da bakinsa kaɗai za mu kafa labari ba. Makonni biyun farko zan kashe su ne wajen ƙoƙarin rushe labarin da hannuna. In ya tsaya, mu ci gaba.

Na je ginin ranar Alhamis. Hawa 12 ne, lifta biyu. Mai gadin, wani dattijo Bahaushe haifaffen Shara Mansur, ya nuna mini katifu jibge a ƙasan bene, ya ce da su aka ƙara a ɗakunan mata. Bai yarda in ɗauki muryarsa ba, ban kuma matsa ba, igamarsa a hannun Mai Gida take. Ba zai fito a labarin ba ta kowace siga.

Daga nan zan binciki rajistar Mai Gida a shafin ma'aikatar kasuwanci, in tabbatar lambar harajinsa mai alƙalumma 15 ta dace da sunansa. Daga wajenku ina buƙatar abu uku. A ciro bayanan Dillali daga hukumar rajistar kamfanoni, CAC: yaushe aka yi masa rajista, su wa ke da shi, ko akwai mai alaƙa da Hukumar a ciki. A nemo alhazai aƙalla 20 daga ƙananan hukumomi daban-daban, a tambaye su lambar ɗaki da hawa da yawan mutanen ɗakin, ba tare da an gaya musu amsar da muke nema ba. Waɗanda suka ajiye katin masaukinsu sun fi amfani. Sai wasiƙa zuwa Hukumar ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, a nemi kwangilar da aka sa wa hannu, takardun biyan kuɗi, jerin rabon ɗakuna da rahoton kwamitin da ya zo duba masauki. Dokar ta ba su kwana 7, suna iya ƙara wasu 7. In wasiƙar ta shiga 16 ga Yuli, ƙarshen haƙurinmu 30 ga wata. A kai ta hannu da hannu, a karɓo kwafi mai hatimi.

Jin ta bakinsu zai fara Lahadi 3 ga Agusta, tunda nan Juma'a da Asabar ne hutu. Kowa zai sami tasa wasiƙar a rana ɗaya, don kada wani ya riga wani gyara labari: Hukumar da Dillali da Hausa da Turanci, Mai Gida da Larabci, ta hannun ƙwararren mai fassara ba ni ba. Za mu zayyana musu duk abin da muke shirin bugawa a kansu, da alƙaluman, mu ba su zuwa 13 ga Agusta. Tambayar da ba za ta sauya ba ita ce: "Kwangila ta ce gado 1,800, tasrihi ya ce 1,150. Ina aka kwantar da sauran alhazai 650, kuma wace takarda ce ke nuna haka?" Hoton daftarin ba zai bi wasiƙar ba, domin akwai rubutun biro a gefensa da zai tona majiya. Wanda ya amsa, amsarsa ta shiga sama-sama cikin labarin, ba a wutsiya ba. Wanda ya kira ni yana son "a zauna", zan ce ya rubuto.

Barista, naki ya fi nawa nauyi, domin dokar ƙasa biyu ce a kanmu. A gida akwai ƙarar ɓata suna, da sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024. A nan dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 1 da tarar da za ta iya kai riyal 500,000 ga wanda ya ɓata sunan wani ta na'ura, kuma ni da iyalina a nan muke kwana. Shi ya sa nake neman a ɗauki lauya Basaudiye ya karanta duk sakin layin da ya ambaci Mai Gida, a kuma yanke shawara tun yanzu ko sunana zai hau labarin. Zan kawo miki rubutun da lamba a gaban kowace jimla mai zargi, lambar tana kai ki ga takardarta. Wadda ba ta da takarda biyu, ko takarda da shaida, ki soke ta, ba zan yi gardama ba. Kanun labari da hoto da abin da za a sa a Facebook su ma su bi ta teburinki, domin can aka fi yin ɓarna. Na ware miki 17 zuwa 21 ga Agusta.

Malam, in gini na biyu ya bayyana, labarin zamba ya mutu, sai mu duba ko cunkoson ɗakunan mata ya isa labari shi kaɗai. Kuɗin da nake buƙata yanzu riyal 2,400 ne, na mota zuwa Makka sau huɗu da mai fassara. Na lauyan zan turo in ya faɗi nasa. Majiyar ta ce asalin daftarin yana wurin wani a Jarwal, zan je gani ranar Laraba bayan Isha.