Kayanki Na Ina? Rubutun Bidiyon Talla na Daƙiƙa 90

FITOWA TA 1. Kantin Kwari, Kano. Hantsin Alhamis.

Hajiya na zaune a shago, waya a kunne. A gefenta an ɗaure ƙullin atamfa da leshi, an rubuta Abuja da maka.

HAJIYA: Kai lefen ran Asabar ne, Anti, na sani. Amma ba zan sake bai wa direban tasha ba. Wancan karon kwana uku ina kira, wayarsa a kashe.

Mai babur ɗin kamfaninmu na aika kaya ya yi sallama. Ya ɗora ƙullin a sikeli, ya manna takarda, ya miƙa rasit.

MAI BABUR: Hajiya, ga lambar kayanki. Ki tura wa mai karɓa ita ma.

Kyamara ta matso kan rasit: KN4827.

MURYA: Duk kayan da muka karɓa kafin ƙarfe 4 na yamma, daga Kano zuwa Kaduna ko Abuja, washegari kafin magariba suna hannun mai su. Cikin garin Kano kuwa a ranar muke kaiwa.

FITOWA TA 2. Falo a Gwarimpa, Abuja, da daddare.

Anti ta rubuta lambar a manhajarmu. A fuskar wayar: "An karɓa, Kano, 11:20. Mota ta tashi, 5:05. An sauka ofishin Kaduna, 9:15."

ANTI: Ikon Allah! Har sun kai Kaduna.

FITOWA TA 3. Gefen titi kusa da Tafa, safiyar Juma'a.

Motarmu a tsaye, bonet a buɗe, direba ya leƙa inji. Wayar Hajiya ta yi ƙara.

MA'AIKACIYA: Ina kwana, Hajiya. Motar da ta ɗauko kayanki ta samu matsala a Tafa. Wata ta taso daga Abuja za ta kwashe su. Za su iso yau, amma sai wajen ƙarfe 9 na dare. Ki yi haƙuri.

HAJIYA: To kuɗin da na biya fa?

MA'AIKACIYA: Tunda mun wuce lokacin da muka ce, rabi zai dawo asusunki yau.

MURYA: Mota takan lalace, ruwa kan tare hanya, ba mu ɓoye ba. Idan kaya za su makara, mu za mu fara kiran ku. Jinkiri ya haura awa 24, kuɗin aike duka ya dawo. Kaya suka ɓata a hannunmu, mu biya kuɗin da aka rubuta a rasit, saboda haka a faɗi ainihin kuɗin kaya tun wajen awo.

FITOWA TA 4. Ƙofar gidan Anti, 8:40 na dare.

Anti ta sa hannu, ta farke ledar tun a tsaye, ta ƙirga.

ANTI (a waya): Turmi goma sha biyu cif. Leshin nan ruwan zuma kuwa, ki aiko min da nawa.

HAJIYA (tana dariya): Bari in kira yaron babur ɗin.