Wasiƙar neman gyara ko mayar da kuɗin agogo

Aboabo, Kumasi
11 ga Agusta, 2025

Zuwa ga Alhaji mai shagon wayoyi da agogo, Adum

Assalamu alaikum Alhaji. Ina gaisuwa, da fatan kasuwa tana albarka, iyali kuma suna lafiya.

Ni ne telan nan na Aboabo da ya sayi agogon zamani na hannu a shagonka ranar Juma'a 14 ga Maris, 2025, cikin azumi, a kan sidi 1,450. Ta MoMo na biya, saƙon yana nan a wayata. Kai da kanka ka buga hatimi a rasit, ka rubuta garanti na wata goma sha biyu, wato har zuwa Maris na 2026. Yau agogon bai cika wata biyar a hannuna ba, fuskarsa ta mutu.

Ranar 2 ga Yuli wani siririn layi kore ya fito daga sama zuwa ƙasan fuskar. Bayan kwana uku sai ta daina jin taɓi a gefen dama. Ranar 9 ga wata ta yi baƙi ƙirin. Agogon kansa yana da rai: idan aka kira ni yana girgiza, wayata tana ganinsa, har adadin takun da na yi yana aika mata. Na yi masa caji da cajarsa ta asali, na danne maɓallin gefe na sake tayar da shi, na mayar da shi yadda ya fito daga kamfani ta manhajar waya. Babu abin da ya sauya. Wani mai gyara a Kejetia ya ce in kawo ya buɗe, na ƙi, domin na san da zarar an buɗe shi a waje garanti ya ɓaci.

Sau biyu ina zuwa shago ban same ka ba, ranar 15 da ranar 28 ga Yuli. A zuwan farko yaronka ya ce in dawo. A na biyu ya jujjuya agogon a tafin hannu, ko minti ɗaya bai yi ba, ya ce ruwan alwala ne ya shiga, kuma garanti bai shafi ruwa ba.

Wannan maganar ce ta sa na ɗauki biro. Alhaji, ni cire agogo nake yi kafin alwala, don ruwa ya game hannu, kuma haka nake tun ina ɗaura mai allura. Ko da ma a ce ban cire ba, a jikin kwalin an rubuta IP68, alamar cewa ƙura ba ta shigarsa kuma yana jure nutsewa cikin ruwa. Ranar ciniki ka nuna mini wannan rubutu da yatsanka, da shi ka ba ni dalilin da ya sa ya fi na kusa da shi tsada da sidi 300. Abin da aka sayar mini a kan yana jure ruwa, ta yaya yayyafin buta zai zama laifina? Gilashin ba tsaga, ba ƙwarzane, babu raɓa a ƙarƙashinsa. Yaron kuma bai buɗe ba, bai gwada da komai ba.

Ba don ado na saya ba. Likita ne ya ce in riƙa tafiya kullum ina lura da bugun zuciyata, mai zaman keken ɗinki kuwa sai da abin tuni.

Abin da nake nema shi ne a karɓi agogon, a ba ni takardar shaidar karɓa, a canza masa fuska ba tare da na biya ko kwabo ba. Idan ba zai gyaru ba, a ba ni sabo irinsa, ko a mayar mini da sidi 1,450 ta lambar da na biya da ita. Ina roƙon a kammala zuwa 25 ga Agusta, mako biyu ke nan daga yau.

Ka fi ni sanin hukuncin kayan da aibinsa ya bayyana bayan ciniki, kuma dokar saye da sayarwa ta Gana ta 1962, Act 137, ta ɗora wa mai sayarwa alhakin aibin da bai bayyana wa mai saye ba. Ba na fatan mu kai ga nan. Amma idan ranar ta wuce shiru, zan fara kai maganar gaban dattawan zango, in ba ta warware ba sai kotu.

Na haɗa da kwafin rasit, hoton saƙon MoMo, da hoton fuskar lokacin da layin ya fito. Zan zo shago ranar Alhamis bayan azahar da agogon, kwalinsa da cajarsa. Idan ba za ka kasance ba, don Allah a bar wa yaron umarni a rubuce.

Wassalam.

Ƙaninka,
Tela, Aboabo