Roƙon maimaita kilinik ɗin Alhamis 17 ga Afrilu

Daura, Jihar Katsina
Talata, 22 ga Afrilu, 2025

Zuwa ga Malam,
Likita mai kula da rukuninmu a sashen cike da gyaran haƙora

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran malamanmu na sashe. Ni ne Abdulhadi, ɗan aji biyar, na rukunin Alhamis, wanda ke zama a kujera ta uku. Kamata ya yi in zo ofis da ƙafata in yi wannan bayani, to amma ciwon da ya kwantar da ni ba irin wanda ake shiga mutane da shi ba ne. Shi ya sa na rubuto daga gida, na ba ƙanena zai kawo maka gobe tare da takardar likita da fom ɗin sashe da na cike.

Roƙona shi ne a ba ni dama in maimaita kilinik ɗin Alhamis 17 ga Afrilu da ban samu halarta ba, kuma in da hali a ranar Talata 29 ga wata da yamma, tare da rukunin Talata.

Ƙarambau ne ya kama ni. Na zo gida hutun ƙaramar Sallah, na tarar yaran yayata biyu suna fama da shi, ni kuwa duk zatona na yi shi tun ina ƙarami. Sai bayan da na kwanta Hajiyarmu ta ce a'a, ƙyanda na yi, ba ƙarambau ba. Na koma makaranta lafiya lau, na yi kusan mako biyu ina harkokina. Daren Asabar 12 ga wata zazzaɓi ya rufe ni da ciwon kai, na ɗauka maleriya ce. Da safiyar Lahadi na ga ƙuraje masu ruwa a ƙirjina da gefen wuya, kafin la'asar sun hau fuska. Likitan da ya duba ni a ranar ya tabbatar, ya ɗora ni a kan asaikilobiya na kwana bakwai da farasitamol da kalamin na shafawa, ya ce kada in kusanci kilinik ko ɗakin kwanan ɗalibai har sai ƙurajen sun bushe kaf. A yammacin nan yayana ya zo da motarsa ya ɗauko ni, muka biyo ta Kazaure muka iso Daura bayan isha'i.

Abin da ake faɗa mana a aji cewa ƙarambau ya fi tsananta ga babba, na gan shi a jikina. Kwana huɗu na farko ko ruwa da ƙyar nake haɗiya, don ƙurajen sun fito har a ganɗa da cikin kumatu. Ranar Alhamis ɗin da ya kamata in kasance a gabanka, ko zama ban iya yi sosai. Kakata ta dage sai an yi min wanka da ganyen darbejiya, ko bedi kamar yadda kuke cewa a Katsina, ban yi mata musu ba tunda bai hana ni shan maganina ba. Alhamdulillahi, tun Lahadi 20 ga wata babu sabon ƙurji, duk sun yi ɓawo. Yau da safe na je asibiti a nan Daura, likita ya duba ya ce ba na yaɗa cutar yanzu, amma ya ba ni hutu zuwa Juma'a 25 saboda rashin ƙarfi da jiri in na daɗe a tsaye. Wannan ya sa Alhamis mai zuwa, 24 ga wata, ita ma ba zan samu ba. Da ma ita ranar duba sababbin marasa lafiya ce, kuma na riga na cika adadin da ake nema a wannan ɓangare. Ta 17 ce ke hana ni barci.

Malam zai tuna mutumin da na fara wa aikin jijiyar haƙori ranar Alhamis 10 ga wata, telan nan da ya faɗi a babur shekarun baya, haƙorinsa na gaba na sama, ɓangaren hagu, ya yi duhu. Ba zan rubuta sunansa a nan ba tunda wasiƙa ce da za ta bi hannu, lambar katinsa tana cikin fom. A ranar na sa raba-dam, na buɗe haƙorin ta baya, jijiyar ta riga ta mutu. Muka ɗauki hoto da fayil a ciki, kai da kanka ka tabbatar da tsawon aiki milimita 22. Na faɗaɗa ramin saiwar har fayil mai lamba 40, ina wankewa da haifokulorait, na busar, na zuba kalsiyam haidiroksaid na rufe da ciken wucin gadi. Muka ba shi mako ɗaya ya dawo a cike saiwar da gata-faca. Yau kwana goma sha biyu ke nan, in aka kai 29 ga wata zai zama sha tara. Maganin da ke ciki ba shi ne damuwata ba. Murfin nake ji, don haƙorin gaba ne, ramin da na buɗe ba shi da zurfin da zai ɗauki ciko mai kauri, kuma mutum ne mai cin goro. Kai ka sha gaya mana cewa in miyau ya sami hanya ya shiga, duk wankin da aka yi ya tashi a banza, sai an sake daga farko.

A nan akwai laifina, kuma gara in faɗa da bakina. Ranar Lahadin da aka ɗauko ni na aika wa shugaban ajinmu saƙo, na ɗauka shi ke nan na sanar. Kai ya kamata in sanar kai tsaye, ko in sa yayana ya kira ka, ban yi ba. Wanda ya fi muni, ban tuna da maras lafiyar ba sai daren Laraba, na kira wayarsa a kashe, na tura saƙo bai gani ba. Ya rufe shagonsa ya zo ranar Alhamis, ya zauna har wajen sha ɗaya kafin aka gaya masa ba na nan. Na same shi a waya ranar Asabar na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, Allah ya ba ni lafiya, abin da ya ƙara sa ni jin kunya. Na tambaye shi ciwo, kumburi a dasashi, ko wani ɗanɗano a baki, ya ce babu. Cikon yana nan, yana jin sa da harshe. Na roƙe shi kada ya gatsa abu mai tauri da haƙorin, kada kuma ya riƙa yanke zare da shi, kuma in cikon ya fita ko ya ga kumburi ya zo asibiti a ranar, kada ya jira ni. Ya ce Talata da yamma ta yi masa.

Dalilin da ya sa na nemi Talata ba Alhamis ɗinmu ba, jadawali ne ya matse. Alhamis 1 ga Mayu hutun ranar ma'aikata ne, ta 8 ga Mayu kuma ranar gwajinmu ce ta ƙarshen fostin, washegari mu tashi zuwa sashen tiyatar baki. Ke nan babu sauran Alhamis da ta rage min. A littafin aikina ciken farin ƙarfe da ciken kalar haƙori duk sun cika, an sa hannu. Aikin jijiya guda ɗaya da ake so kowa ya yi daga buɗewa har rufewa shi ne ya rage rabi, kuma ba a barin mutum ya shiga gwaji sai da shi. Na yi magana da shugabar rukunin Talata, ta ce kujera ta biyar babu kowa a kanta daga ƙarfe biyu, amma ba za ta iya ba ni ba sai da izininka. In ranar ba ta yi maka ba, duk ranar da ka zaɓa daga Litinin 28 zan zo, ko a ƙarƙashin wani likita da ka wakilta. Lacca ɗaya ce kawai zan rasa ranar Talatar, kuma zan nemi izinin mai ita.

Abin da na shirya yi in ka amince: in fara duba murfin kafin komai, in ƙwanƙwasa haƙorin in ji ko da zafi, in buɗe a ƙarƙashin raba-dam in wanke maganin, in ga ko ramin zai bushe ba wari ba mugunya. In ya yi kyau sai in gwada babban gata-faca, a ɗauki hoto ka gani kafin in cike. In kuwa na tarar murfin ya yi yoyo, ba zan yi gaggawar cikewa don littafi ya cika ba, zan sake wankewa in sake sa magani, in nemi wata ranar.

Amma Malam, in a ganinka jira har 29 ga wata zai cutar da mutumin nan, don Allah a kira shi cikin makon nan wani ya ƙarasa masa. Duk bayanan suna cikin katinsa, hoton farko da na tsawon aiki suna maƙale a ciki. Ni sai a ba ni wani maras lafiya in fara sabo, ko da hakan na nufin in yi gwajina bayan sauran sun yi nasu.

Sai abu na ƙarshe da ya kamata sashe ya sani. Mai ƙarambau yana fara yaɗa shi kwana ɗaya zuwa biyu kafin ƙuraje su fito, wato a wajena Juma'a 11 da Asabar 12. Telan na gan shi ranar Alhamis, da takunkumi da safar hannu, ya kuma ce ya yi ƙarambau yana yaro. Amma ranar Juma'a da safe na zauna a lacca, bayan nan na leƙa ɗakin gwaje-gwajen haƙoran roba na kusan awa ɗaya. Ban taɓa maras lafiya ba a ranar. Cutar takan ɗauki kwana 10 zuwa 21 kafin ta bayyana, don haka har farkon Mayu ba a fita daga lokacin ba. Na gaya wa abokan ɗakina da 'yan ajinmu tun makon jiya, amma ban san hanyar da zan bi in sanar da ma'aikatan ɗakin ba, kuma na san akwai mai juna biyu a cikinsu. Ina roƙon ka isar musu, ko ka sa wanda ya dace ya yi, a yau ɗin da wasiƙar ta same ka, don ta je ta ga likitanta.

In Allah ya yarda zan taso daga Daura ranar Lahadi 27, in zo ofishinka Litinin da ƙarfe takwas da littafin aikina. Kafin nan wayata tana kunne, ƙanena kuma zai jira a bakin ofis ko da akwai amsar da zai dawo min da ita.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma.

Ɗalibinka,
Abdulhadi
Aji biyar, rukunin Alhamis