Tallar zumar Kawu, bayan na yi mata aski

Salamu alaikum Sadiq. Ya kasuwa, ya jikin Umma? Na karanta tallar da ka turo mini daren jiya har sau biyu. Karon farko dariya na yi, karo na biyu kuma sai gabana ya faɗi. Ka ce in gyara maka Hausar kawai, to Hausarka lafiya lau take, maganar da ke ciki ce ke buƙatar aski. Ga taka yadda ka turo, don ka riƙa dubawa:

"ALBISHIRINKU JAMA'A!!! Sarauniyar zuma ta iso! Zuma farar saƙa ɗari bisa ɗari, irin ta Sidir ta ƙasar Yaman, wadda babu kamarta a duk faɗin Afirka! Tana warkar da ciwon suga, hawan jini, olsa, basir, sanyi, taifot da rashin haihuwa cikin kwana bakwai kacal! Daga jariri sabon haihuwa har tsoho mai ran ƙarfe kowa ya sha! Likitocin duniya sun tabbatar, NAFDAC ta amince! Ba ta daskarewa, ba ta lalacewa har abada, ko tururuwa ba ta kusantarta! A gwada da ashana a gani! Sama da mutum miliyan ɗaya sun gwada sun dawo da godiya! Saura roba biyar kacal, yi sauri kada a ba ka labari!!!"

Ga kuma wadda na rubuta. Ita za ka sa ƙarƙashin hoton a Instagram:

"Zumar Gidan Kawu, ɗiban watan Afrilu.

Daga amyoyin kawunmu take, a ƙauyenmu da ke ƙaramar hukumar Doguwa, kusa da dajin Falgore. Ana matse saƙar a tace da ƙyalle mai tsabta. Ba a dafa ta, ba a ƙara mata sukari ko ruwa.

Launinta ja ne mai duhu, tana da kauri, kuma za ku ɗan ji ƙanshin hayaƙi, domin da hayaƙi ake korar ƙudan lokacin ɗiba. Ƙudan na kiwo a furannin ɗorawa, kaɗanya, mangwaro da sauran itatuwan dajin, saboda haka ɗanɗano da launi kan ɗan bambanta daga wannan ɗiba zuwa wancan.

Tana daɗi a shayi, kunu, fura ko a kan burodi.

Rabin lita (kusan giram 700): N6,000. Lita ɗaya (kusan kilo 1.4): N11,500. A sabuwar roba mai murfi.

Takan daskare, musamman da hunturu. Ba lalacewa ba ce. A tsoma robar a ruwan ɗumi za ta saki. A rufe ta da kyau, a ɗiba da busasshen cokali.

Kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba. Mai ciwon suga ya tuntuɓi likitansa kafin ya sha. Abinci ce, ba ta maye gurbin maganin asibiti.

Ba mu sami lambar NAFDAC ba tukuna.

Muna kaiwa cikin birnin Kano, kuɗin ɗan sahu a kan mai saye. Wanda ya buɗe bai gamsu ba, ya dawo da ita cikin kwana uku ya karɓi kuɗinsa. A turo saƙo ta wannan shafi."

Ta WhatsApp kuma, tunda ba a tsayawa dogon karatu a can, wannan ta isa:

"Zumar Doguwa, ɗiban Afrilu, daga amyar kawunmu. Ba dafawa, ba sukari. Rabin lita N6,000, lita N11,500. Ba a ba jariri ƙasa da shekara ɗaya."

Na san abin da za ka ce: Yaya, ai kin cire duk gishirin. Shekara tara ina rubuta tallace-tallace a gidan rediyo, na san daɗin "albishirinku" a kunne fiye da kai. Amma bari ka ji dalilina, sai ka yanke hukunci da kanka.

Layin cututtukan nan shi ya hana ni barci. Zuma kusan kashi 80 cikin ɗari sukari ce, sauran mafi yawansa ruwa. Babban cokali ɗaya na ɗauke da sukari wajen giram 17. Ka ɗauka wata dattijuwa kamar Umma, da ke shan ƙwayar suga safe da yamma, ta karanta cewa kwana bakwai za ta warke. Ta ajiye ƙwayar, ta koma shan cokali uku a rana saboda ta yarda da kai. Idan aka kwashe ta ranga-ranga zuwa asibiti, me za ka ce wa 'ya'yanta? Haka mai hawan jini. Taifot kuwa ƙwayar cuta ce da ke buƙatar maganinta, in aka yi sakaci tana iya huda hanji. Ita kuma rashin haihuwa, Sadiq, ka ji tsoron Allah. Matar da ta shekara goma tana nema, ko me aka ce mata za ta saya, kuma kai ma ka san abin da ya sa ka saka shi ke nan.

Na san za ka kawo mini ayar Suratun Nahli, cewa a cikinta akwai waraka ga mutane. Na yi imani da ita kamar yadda ka yi. Amma ayar ba ta lissafa ciwon suga da basir ba, ba ta ce kwana bakwai ba. Wannan ƙarin naka ne, kada ka jingina shi ga Alƙur'ani. In mai saye ya tambaye ka baki da baki, kana iya ce masa cokali ɗaya a ruwan ɗumi yakan lafar da tari da kaikayin maƙogwaro, ga babba da yaron da ya wuce shekara. Wannan gaskiya ne, ma'aikatan lafiya ma suna faɗa. A rubuce dai na bar shi, domin daga tari ne ake fara zamewa a koma jerin da muka cire.

Batun jariri ma ba gyaran lafazi na yi ba, juya shi na yi gaba ɗaya. Akwai wata ƙwayar cuta da kan kasance cikin zuma, ko mai kyau ce. Hanjin babba ya fi ƙarfinta, amma a hanjin jariri tana iya tsirowa ta saki dafin da ke kashe masa jiki, ya kasa tsotso, wani lokaci har numfashi ya gagara. Ba kasafai take faruwa ba, amma shi ya sa likitocin yara suka ce a jira ya cika wata 12. Ka san a gidajenmu ana lasa wa jinjiri zuma tun ranar haihuwa, Gwaggo ma za ta ce mu duk an lasa mana ga mu nan da ranmu. To mu dai kada tallarmu ta zama ita ke cewa a yi. Layin nan ko a gajeriyar talla kada ka cire shi.

Sai maganar Yaman. Sidir ai magarya ce da 'yar'uwarta kurna, zumar da ake kira haka kuwa ta ƙudan da suka yi kiwo a furenta ce. Ƙudan Kawu duk abin da ya yi fure a dajin nan suna kai masa ziyara. Kuma ta yaya jar zuma ta zama farar saƙa? Mutum zai buɗe leda ya ga launin da idonsa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ka ɓoye abin da ya fi komai daraja a hannunka. 'Yan zuma nawa ne a kasuwar Kurmi za su iya faɗin sunan wanda ya hau bishiya ya ɗebo? Kai ka san mutumin, ka san amyar, ka san watan. Ka bar wannan ka tafi aro daga Yaman.

Hayaƙin da na ambata da gangan ne. Ka tuna hadisin da Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu cikin tsibin hatsi a kasuwa ya ji danshi, mai shi ya ce ruwan sama ne ya taɓa, ya ce masa me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani? Hayaƙin nan da daskarewar su ne jiƙaƙƙen hatsinmu, na ɗora su a sama. Ban da haka ma akwai lissafin kasuwa. Ka rubuta ba ta daskarewa. Ran da sanyin Disamba ya sauka ta yi tsaki-tsaki a gindin roba, mai saye zai ce ka zuba sukari, kuma da bakinka ka ba shi hujjar. Alhali daskarewa ɗabi'ar zuma ce, wata ta yi da wuri, wata ta jima.

Tururuwa na shan zuma, je ka duba kantar Umma. Ashanar da aka tsoma a zuma kuma in aka ƙyasta ta kama, abin da ta nuna kawai shi ne babu ruwa da yawa, narkakken sukari mai kauri ma zai ci wannan jarrabawar. "Har abada" ma na cire: zumar da aka ɗiba ba ta nuna ba, ko aka bar ta a buɗe ta sha danshin damina, tana tsami ta yi kumfa. Ma'aunin da aka yarda da shi a duniya shi ne ruwanta kada ya wuce kashi 20 cikin ɗari. Akwai 'yar na'urar hannu da ake ɗiga zuma a auna wannan. In ka saya ka auna, sai mu rubuta adadin a talla. Kafin nan babu lamba.

NAFDAC kuwa ba abin wasa ba ce. Fom ka fara cikewa, ba a zo an duba wurin ba, ba a ba ka lamba ba. Rubuta "ta amince" ƙarya ce da za ta iya jawo maka kamu, ba surutun masu saye kaɗai ba. In layin "ba mu sami lamba ba tukuna" yana maka nauyi, maganinsa ka je ka ƙarasa rajistar, domin abincin da aka ɗura a roba aka manna wa suna ana sayarwa, doka ta ce a yi masa. Likitocin duniya ban san su ba, kai ma ba ka san su ba. Mutum miliyan ɗaya kuma, littafinka da ka nuna mini ya ce roba 140 ka sayar bara, ashirin a ciki ni da ƙawayena muka saya. Saura roba biyar, alhali jarka uku na jingine a ɗakin Umma?

Abu biyu nake so ka tabbatar kafin ka sa. Ka kira Kawu ka ji ko jarkokin nan duka na Afrilu ne, don na tuna ya ce akwai ragowar ta Maris. In haka ne sai layin farko ya koma "ɗiban Maris da Afrilu". Sannan ka kai roba ɗaya ta rabin lita a ɗora a sikelin mai shago, ka cire nauyin robar. Ni lissafi na yi, lita ɗaya ta zuma wajen kilo 1.4 ce, amma in ɗurinka bai kai ba, abin da sikeli ya nuna shi za mu rubuta. Alkawarin mayar da kuɗi ni na ƙara, in ba za ka iya cika shi ba ka goge.

Hoton ma ka canza. Wannan saƙar mai ɗiga kamar zinariya da ka ɗauko daga intanet ba tamu ba ce. Ka fita tsakar gida da hantsi, ka ɗora robar a kan tabarma da cokali a gefe, ka ɗauka da wayarka.

Ka gaida Umma da jiki. Ka aiko mini lita ɗaya ta hannun Auwalu ranar Asabar, kuma wannan karon zan biya.

Yayarka,
Binta