Saƙon barin shago a hannun Habibu

Habibu, assalamu alaikum.

In Allah ya yarda jirginmu na Umara zai tashi ran Litinin, 18 ga Ramadan, sai bayan Sallah zan dawo. Ka san yadda Kantin Kwari take cika a goman ƙarshe, shi ya sa na sa maka komai a rubuce.

Cinikin yau da kullum naka ne. Atamfa da leshi ka sayar a farashin da ke littafi. Ragi kuwa iyakarsa naira 500 a turmi, ba sai ka tambaye ni ba. Wanda ya nemi fiye da haka ka ba shi haƙuri, ko da abokina ne. Su ne ma suka fi matsawa.

Ƙirgar kaya ka ba Isiyaku, kada ka tsaya yi da kanka ka bar masu saye a tsaye. Ya gama shago da sito kafin azahar ɗin Laraba, 20 ga wata. Kai ka zaɓi dila uku ka sake ƙirgawa, in sun yi daidai da nasa ka sa hannu ka turo min hoton shafin.

Kayan Hajiyar Maraɗi, dila biyu na shadda, dole su shiga mota ran Juma'a, 22 ga wata, kafin a tafi masallaci. Mun yi da ita za ta turo rabin kuɗin tukuna. Ka ga kuɗin a asusu da idonka, hoton rasit bai isa ba. In Alhamis ta yi magariba bai shigo ba, kada ka kira 'yan dako, ni za ka kira. In an loda, ka tura mata lambar direba da ta mota.

Masu bashi mutum biyar na ja wa layi. Ka bi su cikin mutunci zuwa Litinin, 25 ga wata. Malam Garba ka bar min shi, da mahaifinmu suka fara hulɗa.

Abin da ban sakar maka ba: sabon bashi, saro sabon kaya, da maganar kuɗin haya. Ba rashin yarda ba ne, ni za a tuhuma in sun lalace.

Kullum da ƙarfe 10 na dare agogon Kano ka turo min jimillar ciniki, abin da aka kashe, da abin da aka kai banki. Makka ta riga ku da awa biyu, in ina Harami sai bayan asuba zan duba. Za mu yi waya sau biyu, ran 22 da ran 27 bayan la'asar, littafi yana gabanka. In abu ya taso ba ka same ni ba, ka je wurin Kawu Sule, abin da ya yanke shi ke nan.

Ran 28 ka sallami yara da haƙƙinsu da goron Sallah, adadin yana shafin ƙarshe.

Allah ya yi riƙo da hannunka.

Yayanka,
Alhaji Nasiru